Yadda ake mayar da saƙon ta'aziyya na Turanci zuwa Hausa idan mahaifin abokin aiki ya rasu

A ofisoshin Katsina ba a rasa ma'aikacin da Hausa ba harshensa ba ne, ko yana jin ta kasuwa amma bai iya rubuta ta ba. Ran da aka ce mahaifin wani abokin aiki ya rasu, irin wannan mutum yakan rubuta 'yan layuka da Turanci a wayarsa, ya miƙo wa Bahaushen da ke kusa da shi ya ce a juya masa. Aikin ƙarami ne a ido, jimla biyar ko shida, amma wanda zai karanta shi mutum ne da ya dawo daga maƙabarta ɗazu, kuma kalma ɗaya da ta zame tana iya zame masa abin da zai daɗe yana tunawa.

Abin da ya kamata mai fassara ya riƙe tun farko shi ne saƙonnin biyu ba tafiyarsu ɗaya ba. Ta'aziyyar Turanci tana bayanin halin da mai aikowa yake ciki: na ji zafi, ina tunaninka, ina tare da kai. Ta Hausa kuwa addu'a ce kusan gaba ɗayanta, ana roƙa wa mamaci gafara, a roƙa wa masu rai haƙuri, mai magana ya sa kansa a ƙarshe. Saboda haka ba kalma ake bi ba. Kowace jimla ta Turancin ana tambayar aikin da take yi, sannan a nemo abin da Bahaushe yake faɗa idan zai yi wannan aikin.

Ga misalin da za mu bi har ƙarshe. Wata ma'aikaciya 'yar Kudu, Kirista, tana ofis ɗaya da wani magidanci Musulmi da ya girme ta, mu kira shi Malam Wane. Mahaifinsa ya rasu da asuba a gidansu na cikin gari wajen Ƙofar Sauri, an yi jana'iza da hantsi. Ta rubuta saƙo mai gaɓa shida. Idan aka kwashe shi kalma da kalma, ga abin da zai fito: "Ƙaunataccena Wane, ina baƙin ciki ƙwarai da jin asarar ubanka. Tunanina yana tare da kai da iyalinka a wannan mawuyacin lokaci. Bari kurwarsa ta huta cikin zaman lafiya. Ka sanar da ni idan akwai abin da zan iya yi. Tare da tausayi mafi zurfi." Duk kalmomin nan Hausa ne, amma kusan kowane layi yana da illa, wasu ma illarsu ta kai ga zagi.

Tambayoyi kafin a taɓa alƙalami

Kada ka fara rubutu sai ka san wanda ya rasu namiji ne ko mace, da wanda za a aika wa namiji ne ko mace. Turanci yana da kalma ɗaya da ta haɗa uwa da uba, kuma kalmarsa ta mallaka ba ta bambanta "naka" da "naki". Hausa ba ta da wannan mafaka. Mahaifinka, mahaifinki, mahaifiyarka, mahaifiyarki: siga huɗu ne, ɗaya kaɗai ce daidai. Daga nan duk addu'o'in da za su biyo baya sai sun bi jinsin mamacin, masa ko mata, makomarsa ko makomarta, ya huta ko ta huta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwafo tsohon saƙon da aka taɓa tura wa wani, a gyara layin farko a manta da na uku, sai ka ga "mahaifiyarka" a sama, "Allah ya gafarta masa" a ƙasa. Mai karantawa nan take zai gane ba dominsa aka rubuta ba.

Sai addini, na mamacin da na mai karɓa da na mai aikowa. Kada a ɗauka duk mai jin Hausa Musulmi ne. A jihar Katsina akwai Hausawa Kiristoci, musamman ta wajen Malumfashi da Kafur. Sai kuma matsayi: abokin wasa ne, sa'a ne, ko shugaba? Tambaya ta ƙarshe ita ce yaushe aka yi rasuwar, domin saƙon ranar farko daban yake da na bayan kwana uku.

Buɗe saƙo

Kalmar da Turanci ke buɗe wasiƙa da ita ta riga ta zama al'ada, ba ta ɗauke da wata soyayya. Da zarar an juya ta zuwa "ƙaunataccena" ko "masoyina" sai soyayyar ta dawo da ƙarfinta, kuma daga mace zuwa magidanci wannan abin kunya ne, balle idan matarsa ce ke riƙe da wayar a ranar makoki, abin da yakan faru. A jefar da ita. Sallama da laƙabi sun wadatar: "Assalamu alaikum Malam Wane." Idan shugaba ne, "Yallaɓai" ko "Ranka ya daɗe", mace babba, "Hajiya" ko "Malama". Gundarin suna tsirara sai tsakanin sa'o'in da suka saba kiran juna haka.

Musulmi yakan fara da "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un", wato ƙarshen aya ta 156 a Suratul Baƙara. A misalinmu mai aikowa Kirista ce, kuma babu wannan a Turancinta. Kada mai fassara ya cusa mata aya a baki ba da saninta ba. A gaya mata ma'anarta, cewa mu na Allah ne kuma gare shi za mu koma, a tambaye ta ko tana so. In ta yarda a sa, in ba ta so saƙon ba zai gurgunce ba. Haka sallamar ma: idan ba ta saba yin ta ba, "Barka da rana Malam Wane" bai dace da makoki ba, gara a ce "Malam Wane, ina yi maka gaisuwa."

Jimlar farko, inda aka fi faɗuwa

Tarko uku ne a cikin wannan gajeren layi, kuma mafi muni shi ne "ubanka". A ƙamus daidai ne, a bakin Bahaushe kuwa "ubanka" da "uwarka" ashar ne, ko da an kewaye su da kalmomin ladabi. Ba a rubuta su a ta'aziyya ko da wasa. "Mahaifinka" da "mahaifiyarka" su ne na rubutu. Idan akwai kusanci, abin da ya fi sanyaya zuciya shi ne a kira mamacin da sunan da 'ya'yansa ke kiransa, a ce "rasuwar Baba" ko "rasuwar Hajiya", ba tare da "ka" ba, kamar mai rubutun ma ɗan gidan ne. Wasu sukan ce "mahaifinmu" saboda wannan dalili. "Tsohonka" da "tsohuwarka" maganar abokai ce a majalisa, ba ta shiga saƙon ofis.

Tarko na biyu "asara". Asara ta dukiya ce, kaya sun ƙone ko jari ya karye. Mutum kuwa rashinsa ake yi: "an yi rashi", "babban rashi", "wannan rashi da aka yi". Haka nan ba a cewa mahaifin mutum "ya mutu" a gabansa. Ya rasu, Allah ya yi masa rasuwa, ya riga mu gidan gaskiya. A gajeren saƙo "rasuwar mahaifinka" ta fi sauƙi, kuma ba ta da haɗari.

Na uku ita ce kalmar nan da ta shigo bakin mutane da sunan "sori". A Turanci tana aikin ban haƙuri idan an yi laifi, tana kuma aikin jajantawa. Mai fassarar da ya ɗauki ma'anar farko zai rubuta "ka yafe mani" ko "ina neman afuwa", sai ka ce ita ta jawo rasuwar. Wanda ya ɗauki ta biyu yakan rubuta "ina baƙin ciki". Wannan ba kuskure ba ne gaba ɗaya, ana jin sa a sanarwar rediyo, amma baƙin ciki a Hausa yana da fuska biyu, ɗayar hassada ce, kamar yadda ake cewa wane yana baƙin ciki da ci gaban wane. Kalmomin da suka keɓanta da mutuwa su ne alhini da jimami. Da su jimlar za ta zama: "Na samu labarin rasuwar mahaifinka cikin alhini." In ana son ta fi kama da maganar baki, irin wadda ake yi a kan tabarmar makoki, sai a ce: "Ashe Baba lokaci ya yi." Wannan "ashe" ita ke ɗauke da girgizar da Turancin ya zuba a cikin kalmar "ƙwarai".

Wani lokaci Turancin yakan ce mutuwar ta zo kafin lokacinta, ko mamacin ya tafi da wuri. Wannan ba ya juyuwa. Musulmi ya yi imani cewa kowa da ajalinsa, ba a ƙara sa'a ba a ragewa, don haka "ya rasu ba lokacinsa ba" zai ji ta kamar jayayya da hukuncin Allah. Idan abin da ake nufi shi ne ba a yi jinya ba, ana iya cewa rasuwar ta zo kwatsam. Mafi alheri a tsallake, a bar dalilin rasuwa da yadda ta faru ga masu gida.

Addu'ar mamaci ita ke gaba

A Turancin misalinmu, tunanin iyali ya zo na biyu, fatan hutu ga mamaci na uku. A Hausa ana juya su. Duk wanda ya zauna zaman makoki a ƙofar gida a Katsina ya san jerin: baƙo ya yi sallama, ya zauna, a yi wa mamaci addu'a a shafa, sannan ya dubi masu rashi ya ce "ya haƙuri?" Saƙon rubutu ma haka yake tafiya, mamaci tukuna, sannan masu rai.

"Bari kurwarsa ta huta cikin zaman lafiya" tana da aibi a kowace gaɓa. "Bari" umarni ne ga mutum, ba roƙo ga Allah ba. "Kurwa" kalma ce da ta fi yawo a zancen maita da fatalwa, ba wanda zai so a haɗa ta da mahaifinsa. "Zaman lafiya" kuma kishiyar rikici ne, abin da ake roƙa wa gari ko ma'aurata. Abin da Bahaushe ke faɗa a wannan gurbi shi ne "Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa ya huta." Ana iya ƙara "ya sa Aljanna ce makomarsa" ko "ya haskaka kabarinsa". Addu'a uku ta isa gajeren saƙo, huɗu ita ce iyaka. Idan suka kai bakwai ko takwas an fita daga fassara an shiga wa'azi, kuma Malam Wane, wanda ya san yadda abokiyar aikinsa ke magana, zai ji muryar wani ce daban. Haruffan nan uku na RIP da ake liƙawa a ƙarshen saƙo ma a cire su, domin "Allah ya sa ya huta" ta riga ta yi aikinsu.

A nan akwai wani abu na rubutun boko da ya cancanci a tsaya a kansa. "Allah ya yi masa rasuwa" labari ne na abin da ya faru. "Allah ya yi masa rahama" roƙo ne. A baki, tsawon wasali da karin sauti na "ya" suna bambanta su, amma a rubuce iri ɗaya suke. Bahaushe yakan gane daga yanayin magana, sai dai idan jimlar ta biyo bayan labari kai tsaye tana iya karantuwa kamar hukunci, wato an ce Allah ya riga ya gafarta masa. Maganinsa sauƙi ne: a fara da "Ina roƙon Allah ya…" ko a rufe da "amin". Wannan ya shafi wata jimla da Turanci ke so, wadda ke cewa mamaci yana wuri mafi kyau yanzu. Musulmi ba ya yanke wa kowa makoma, roƙo yake yi. A mayar da ita "Allah ya sa can ta fi masa nan."

Sai masu rai

"Tunanina yana tare da kai" ba ta da laifi, ba ta kuma da amfani. Bahaushe zai karanta ya rasa me aka ba shi. Aikin da jimlar ke yi shi ne nuna ba a bar mutum shi kaɗai ba. Hausa tana yin wannan da "ina taya ku alhini" ko "muna taya ku jimamin wannan rashi", sannan addu'ar haƙuri ta biyo: "Allah ya ba ku haƙurin jure rashinsa." A lura da "ku". Ko da mutum ɗaya ake rubuta wa, jam'i ya fi dacewa a nan, domin rashin na gida ne gaba ɗaya, kuma sau da yawa za a karanta wa 'yan'uwa saƙon.

"Iyalinka" ma sai an duba. Iyalin mutum a Hausa matarsa ce da 'ya'yansa, har wani lokaci matar kaɗai ake nufi. Turancin kuwa yana nufin duk gidan, har da ƙanne da yayye da matar mamacin. Idan aka rubuta wa saurayin da bai yi aure ba "kai da iyalinka", maganar ta tashi a banza. A ce "kai da sauran 'yan'uwa" ko "ku da ɗaukacin dangi". Idan mahaifiyar Malam Wane tana raye, ita ce ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, kuma ambatonta yana da daraja: "A miƙa gaisuwata ga Hajiya." Amma sai an tabbatar tana raye. Idan ba a sani ba, "sauran 'yan'uwa" ta rufe kowa.

Akwai layin da babu shi a Turanci amma kunnen Bahaushe yana jiransa, wato inda mai gaisuwa ke tuna tasa mutuwar: "Allah ya kyautata namu ƙarshen" ko "in tamu ta zo Allah ya sa mu cika da imani." Ta biyun lafazin Musulmi ce sosai. Ta farkon kowa na iya faɗa. A bayyana wa mai saƙon ma'anarta kafin a ƙara, domin wanda bai saba ba yana iya mamakin ganin an ambaci mutuwarsa a saƙon da ya rubuta wa wani.

Tayin taimako

"Ka sanar da ni idan akwai abin da zan iya yi" tana juyuwa cikin sauƙi, matsalarta ta al'ada ce. Kunya ba za ta bar magidanci ya ɗauki waya ya ce wa abokiyar aiki ga abin da yake buƙata ba, don haka tayin a buɗe kamar ba a yi shi ba ne. Abin da ke da amfani shi ne a ambaci abu takamaimai. Mai fassara ya tambayi mai saƙon me za ta iya ɗauka da gaske. Idan ta ce za ta riƙe masa aikinsa, a rubuta: "Kada ka damu da aikin ofis, za mu kula da shi har ka dawo." Idan ba ta da ikon yin wannan alkawari, kada a rubuta mata shi. Ba a kuma tambayar ranar dawowa aiki a saƙon ta'aziyya, ba a ambaton takardar da ke jiran sa hannu. Zancen gudummawar kuɗi ma ba na rubutu ba ne, hannu da hannu ake bayarwa idan an je gaisuwa.

Rufewar Turancin, "tare da tausayi mafi zurfi", a yar da ita. Tausayi daga sama yake sauka zuwa ƙasa, ba a faɗa wa babba ana tausayinsa. "Amin" da sunan mai aikowa sun isa.

Ga saƙon bayan an gama:

"Assalamu alaikum Malam Wane. Na samu labarin rasuwar mahaifinka cikin alhini. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ina taya ku jimamin wannan babban rashi, kai da sauran 'yan'uwa. Allah ya ba ku haƙurin jure rashinsa, ya kyautata namu ƙarshen, amin. Kada ka damu da aikin ofis, za mu kula da shi har ka dawo. Daga Wance."

Idan mahaifiya ce ta rasu kuma mace ake rubuta wa, wurare takwas ne za su canza bayan sunan: mahaifiyarki, jiƙanta, mata, makomarta, ke da sauran 'yan'uwa, rashinta, sai "kada ki damu" da "har ki dawo" a layin ƙarshe. A bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Ana iya tambaya ko a rubuta da Katsinanci, "Allah shi jiƙan shi, shi gafarta mashi", yadda ake ji a bakin dattawan gari. Tsakanin Bakatsine da Bakatsine wannan yana da daɗin ji, yana kawo kusanci. Daga bakin baƙuwar da ba ta jin Hausa sosai kuwa zai zama kamar kwaikwayo. A bar mata daidaitacciyar Hausa.

Idan mamacin Kirista ne

Sai a sauya gaɓar tsakiya. Hausawa Kiristoci suna amfani da "Allah ya ta'azantar da ku" da "Ubangiji ya ba ku ta'aziyya", kuma a nan "ya huta cikin salama" tana zama daram. Idan mai aikowa Musulmi ne, galibin malamai suna koyar da cewa ba a roƙa wa wanda ya rasu ba Musulmi ba gafara, amma ana yi wa iyalansa gaisuwa. Saƙon sai ya karkata ga masu rai: "Na samu labarin rasuwar mahaifinka. Ina taya ku alhini. Allah ya ba ku haƙuri da juriya, ya albarkaci abin da ya bari." Wannan cikakkiyar gaisuwa ce, babu abin da ta rage wa mai karɓa, ba ta kuma sa mai aikowa ya faɗi abin da bai yarda da shi ba.

Ƙugiya da waya

Haruffa masu ƙugiya suna iya ɓata addu'a. "Jiƙansa" asalinta "ji ƙansa" ce, daga jin ƙai, shi ya sa wasu ke raba ta gida biyu, kuma duka rubutun biyu ana karɓarsu. Idan ƙugiyar ta faɗi sai ta koma "jikansa", wato ɗan ɗansa. Mutane sun saba gani suna ganewa, amma a saƙon da ya fito daga ofis gara a rubuta daidai. Wanda ya fi wannan muni shi ne a yanke "n" a rubuta "Allah ya jiƙa shi", domin jiƙawa da ruwa ake yi. Haka "haƙuri" da "haƙori" wasali ɗaya ya raba su, kuma wayar da ke gyara rubutu da kanta tana iya musanya kalma ba ka lura ba. A raba "ya sa" da "ba ku", kada a manne su. Masu son girmamawa sukan rubuta "Allah Ya" da babban harafi. Duk wanda aka zaɓa a bi shi daga farko har ƙarshe.

A wayar Android, manhajar Gboard tana da allon rubutun Hausa da ake ƙarawa a sashen harsuna, da shi ake samun ƙ da ɗ da ɓ. A WhatsApp waɗannan haruffa ba su da matsala. Saƙon tes na layin waya kuwa yana ɗaukar harafi 160 ne idan duk haruffan na gama-gari ne, amma da harafi mai ƙugiya ɗaya ya shiga sai ma'aunin ya faɗo zuwa 70, saƙon ya rabu gida-gida, wata ƙaramar waya ma ta nuna ɗan akwati a gurbin harafin. Idan an san mai karɓa ƙaramar waya yake riƙewa, dabarar ita ce a zaɓi kalmomin da ba su da ƙugiya tun asali:

"Salam Malam Wane. Na samu labarin rasuwar mahaifinka. Allah ya gafarta masa, ya yi masa rahama, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba ku juriyar rashi. Amin."

Wannan harafi 159 ne har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Idan sunan ya fi "Wane" tsawo, ko ana son ƙara sunan mai aikowa don ba lallai yana da lambarta ba, a cire "ya yi masa rahama" a samu wuri.

Lokacin turawa

Jana'izar Musulmi ba ta jira, wanda ya rasu da asuba sau da yawa kafin azahar an kai shi makwancinsa. Saƙon da ya isa a ranar ya fi daraja, ko da ba za a amsa shi ba sai bayan kwanaki. Zaman makoki kwana uku ne a yawancin gidaje, maza a ƙofar gida, mata a ciki. Idan mai saƙon tana cikin gari, saƙon share fage ne kawai, ya kamata a ƙara "zan shigo gaisuwa in Allah ya yarda", kuma ta je ɗin tare da matan ofis. Idan kwana ukun sun wuce, a canza buɗewar: "Sai yanzu labari ya iso gare ni. Ya ƙarin haƙuri?" Kada a ambaci sadakar uku ko ta bakwai ko ta arba'in, domin wasu gidaje suna yi, wasu ba sa yi, kuma ba wurin mai gaisuwa ba ne ya taɓo wannan saɓani.

Kafin a tura, mai fassara ya karanta saƙon a bayyane sau ɗaya, kamar yana durƙushe gaban Malam Wane. Duk jimlar da bakinsa ya ji nauyin faɗa, a cire ta. Sannan ya mayar wa mai saƙon da ma'anar kowane layi cikin Turanci, har da abin da aka ƙara da abin da aka zubar, domin sunanta ne a ƙasa ba nasa ba. A kuma shirya ta da amsar da za ta iya zuwa, don kada ta sake dawowa neman fassara: galibi "Amin, na gode, Allah ya ba da lada" ce, ko "Allah ya bar zumunci." Amsarta kalma ɗaya ce, "Amin." Ran da ya dawo ofis kuma, abin da za ta ce masa da baki shi ne "Malam, ya haƙuri?", shi kuma zai ce "Da godiya" ko "Alhamdulillahi", daga nan a shiga aiki.